Idan baki ya karkace, a dubi agogo: yadda nake jan hirar shanyewar jiki da gishiri a unguwa

Abu uku nake sawa a jaka duk ranar da aka kira ni in yi magana a taron mata na adashi ko a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, cokalin shayi guda, ƙullin gishiri, da na'urar awon tansiyo. Takarda kam na daina ɗauka, don na lura da zarar ka buɗe takarda ka fara karatu to rabin mutanen da ke kan tabarma sun tafi wani wuri da tunaninsu. Abokan aiki masu faɗakarwa a ƙauyukan Madarunfa da Tibiri, nan jihar Maraɗi a Nijar, sun sha tambayata yadda nake tsara hirar, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ta yadda nake yinta, da dalilin da ya sa kowace magana take inda take.

Ba na farawa da gishiri, ko da yake shi ne mutane suka fi son a yi gardama a kai. Ina farawa da tambaya, in ce jama'a wa ya taɓa ganin wanda ya kwana lafiya ya tashi ɓarin jikinsa ya shanye? Wallahi ban taɓa zama a wurin da ba a ɗaga hannu ba, wata ta ce mijinta, wani ya ce babansa, wata ta ce kishiyarta ce a bakin murhu. Sai in sake tambaya, to daga lokacin da abin ya same shi zuwa lokacin da ya ga likita, awa nawa? Nan ne wuri yake yin tsit, sai ka ji an ce kwana biyu, ko sai da sati ya zagayo, ko kuma ai ba a kai shi ba sam tunda kowa ya san bugun iska ne. Duk hirar a kan wannan tazarar take, tsakanin lokacin da abu ya faru da lokacin da aka isa asibiti.

Daga nan sai in ba su labarin wani dattijo maƙwabcinmu, na nemi izinin iyalinsa kafin in fara ba da shi kuma ba na faɗin suna. Ɗan kasuwa ne, shekarunsa sun haura 60, an taɓa gaya masa yana da tansiyo an rubuta masa magani, ya sha na wata biyu ya ji garau ya ajiye. Wata Laraba ya dawo daga sallar asuba lafiyarsa lau, ya zauna a zaure, wajen ƙarfe 6 da rabi jikarsa ta kawo masa koko, ya miƙa hannun dama ya karɓa sai kofin ya suɓuce ya faɗi. Ya buɗe baki zai yi mata magana sai maganar ta fito a cakuɗe kamar mai magagin barci, yawu yana zuba ta gefe guda. Yarinyar ta ruga ta kira uwargida, ita kuma ta zo tana cewa Alhaji lafiya, Alhaji mi ya same ka, yana kallonta yana jin ta sarai amma ya kasa haɗa kalma. Aka kwantar da shi, aka kira malam ya yi tofi, aka wanke rubutu aka ɗura masa ya sarƙe ya yi ta tari, aka shafe hannun da man zafi, wani ɗansa ya tuna da ragowar maganin tansiyon nan ya ɓallo ƙwaya biyu ya danna masa. Babban ɗan yana can garin Ɗan Isa aka ce a jira ya iso tunda shi ke yanke magana, bai iso ba sai bayan azahar, kafin a samo mato a isa babban asibiti la'asar ta yi. Awa tara da wani abu. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe shi da ciwon huhu, likita ya ce abin da aka ɗura masa ne ya bi ta hanyar numfashi. Ya rayu Alhamdu lillahi, amma hannun dama har yau a lanƙwashe yake, kuma duk wanda ya san shi da iya ciniki idan ya ji yadda yake fama ya haɗa jimla ɗaya sai ya ji ƙwalla.

Kowa a gidan nan don ƙauna ya yi abin da ya yi, kuma ina faɗin haka a fili a wurin taro, don idan mutane suka ji kamar zagin iyayensu kake ko raina malamansu to ka rasa su. Abin da nake yi shi ne in koma farkon labarin mu bi shi tare, in nuna inda agogo ya fara gudu.

Ƙwaƙwalwa da jini take rayuwa, kuma ba ta da rumbu, ba ta ajiyar abinci ko iska ko na minti kaɗan. Jijiyoyi ne ke kai mata jini kamar yadda tiyo ke kai ruwa fadama, idan gudan jini ya toshe wata jijiya, ko kuma jijiyar ta fashe saboda ƙarfin hawan jini, to sashen da take shayarwa ya fara mutuwa nan take. Wannan shi ne abin da likitoci ke rubutawa AVC a takarda, mu kuma mu ce shanyewar ɓarin jiki. Ciwon ba a hannun yake ba, a kai yake, shi ya sa man zafi da tausa da ƙaho ba sa kaiwa inda matsalar take. Kuma ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya damar jiki, a yawancin mutane nan ne ma magana take, shi ya sa dattijon nan hannun dama da harshe suka tafi tare.

Alamomin kuwa uku nake koyarwa, ba na wuce uku a karon farko, baki, hannu, magana. In ta da mutum ɗaya daga cikin taron, galibi wata tsohuwa mai son raha, in ce Inna yi mana murmushi mu ga haƙora, sai in ce ku duba, gefe biyu sun tashi daidai, idan gefe ɗaya ya zube to alama ce. Inna ɗaga hannuwa biyu gaba kamar mai karɓar tire ki rufe ido, mu ƙirga goma, idan ɗaya ya sauka da kansa ko ya ƙi tashi to alama ce. Inna ce “yau kasuwar Maraɗi ta cika”, idan harshe ya yi nauyi ko ta faɗi wasu kalmomin da ba su ne ba ko ta kasa gane abin da aka ce mata, alama ce. Guda ɗaya ta isa, ba sai ukun sun haɗu ba. Sai in sa kowa ya juya ya gwada na kusa da shi, ana dariya ana yi, kuma wannan gwajin shi ne abin da ke zama a kai bayan wata shida. Idan na ga sun riƙe sai in ƙara cewa duk abin da ya zo farat ɗaya a ji tsoronsa, ido ɗaya ya daina gani, ko mutum ya kama tangaɗi kamar ƙasa na juyawa, ko ciwon kai mai tsanani irin wanda bai taɓa ji ba a rayuwarsa ya sauko masa kamar an sara da gatari.

Abu na huɗu shi ne a dubi agogo. Ƙarfe nawa aka ga mutumin lafiya ƙalau na ƙarshe? Idan ba a san ƙarfe ba a riƙe sallar, a ce ya yi asuba lafiya, ko bayan magariba ya ci tuwo da hannunsa, wannan ita ce tambayar farko da likita zai yi. Wanda ya farka da abin daga barci kuwa lokacin da ya kwanta ake ƙirgawa. Dalili shi ne akwai allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya, amma cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta, kuma sai an ɗauki hoton kai da sikana an tabbatar ba fashewa ba ce. Ba kowane asibiti ke da wannan allurar ba, ina faɗa musu gaskiya, amma ko babu ita zuwa da wuri yana da riba babba, za a auna sukarin jini don faɗuwar sukari tana kwaikwayon shanyewar jiki sak kuma ana gyara ta cikin mintoci, za a kula da tansiyo a hankali, a gwada haɗiya kafin a ba shi komai, a sa ƙarin ruwa, a sauke zazzaɓi, a fara motsa gaɓoɓi da wuri. Waɗannan su ke raba wanda zai tashi ya taka da wanda zai ƙare a shimfiɗa.

A nan nake tsayawa in daɗe, a kan abin da ba a yi. Kar a ba shi komai ta baki, ko ruwa, ko fura, ko rubutu, ko ƙwayar magani, saboda shanyewar tana taɓa naman maƙogwaro, mutum ba ya iya haɗiya daidai kuma wani lokaci ko tari ba zai yi ba abin zai gangara huhu shiru. Kullum sai an samu mai cewa to Malam addu'ar fa? Sai in ce Baba addu'a ba ta da nauyi, tana shiga mato, a ɗauki malam ɗin ma a tafi da shi yana tofi a hanya, abin sha ne dai a dakata da shi sai likita ya ce haɗiya ta dawo. Ban taɓa samun malamin da ya ƙi wannan maganar ba. Kar a ƙara masa maganin tansiyo don an ga ya hau, a irin wannan lokacin jiki da kansa yake ɗaga tansiyon don ya tura jini ta gefen inda ya toshe, idan ka faɗo da shi da ƙarfi a gida ka ƙara yanke wa ƙwaƙwalwa ruwa. Maganar nan da ke yawo a waya ta a soki yatsu da allura a matse jini kuwa ba ta da tushe, ɓata lokaci ce kawai. Idan hankalinsa ya gushe ko yana amai a kwantar da shi a gefe guda, a kwance masa wuyan riga, a cire goro ko haƙoran roba in akwai a baki. Kuma kar a ɗora shi a bayan kabu-kabu shi kaɗai, mutumin da rabin jikinsa ba ya riƙo faɗowa zai yi, a samu mato ko adaidaita wani ya tallafe shi, a cikin gari ana iya kiran ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Ina kuma ce musu a wuce kai tsaye babban asibiti inda ake ɗaukar hoton kai, kar a tsaya farmasi. Wanda yake nesa, kamar can ƙasar Dakoro inda tafiyar ta wuce kilomita 100, ya shiga gidan likita mafi kusa a auna sukari da tansiyo a ba shi takardar turawa ya kama hanya, kar a ce sai gobe ranar kasuwa akwai mato. Kuma tun yau kowane gida ya yanke wanda zai ce a tafi idan maigida ne ya faɗi, don a labarin dattijon nan awa shida cur jiran mai yanke magana ne ya cinye su.

Akwai kuma wadda take zuwa ta wuce. Baki ya karkace minti goma ya dawo, hannu ya mutu ya farfaɗo, sai a ce Alhamdu lillahi iska ce ta gitta. Wannan gargaɗi ne, gudan jini ne ya toshe ya saki, kuma kwanaki biyun farko su ne mafi haɗarin babbar ta biyo baya. Ranar nan za a je asibiti ko da mutum yana tafiya da ƙafarsa yana dariya.

Sai in dafa ƙirji in ce to mu sauko ƙasa. Ita ma zuciya tana da nata jijiyoyin da ke ciyar da ita, idan ɗaya ta toshe naman zuciyar ya fara mutuwa, shi ne ake ce wa bugun zuciya. Mutane suna zaton suka ce kamar ta allura, alhali galibi nauyi ne, kamar an ɗora maka buhun gero a tsakiyar ƙirji ko an ɗaure ka da igiya ana ja, yana iya bi ta hannun hagu ko haɓa ko tsakanin kafaɗu, ga gumi mai sanyi ko da lokacin hunturu ne, ga tashin zuciya, ga numfashi yana gaza. Idan ka tambayi mai shi ina ke ciwo ba ya nunawa da yatsa ɗaya, dunƙule hannu yake ya ɗora a ƙirji. Abin da ya fi cin mutanenmu a nan shi ne kalmar olsa. Duk zafin da ya taso daga bakin ciki zuwa ƙirji sai a ce olsa ce ta tashi, a jiƙa kanwa a sha, a nemi madara, a kwanta. To ni abin da nake cewa, mutumin da ya wuce shekara 40, ko mai tansiyo, ko mai ciwon sukari, ko mai shan taba, idan nauyin ƙirji ya kama shi ya kai minti 15 bai saki ba, ko yana tafiya yana dawowa, ko ya zo da gumi da haki, a ɗauka zuciya ce har sai likita ya sa masa wayoyin awon zuciya ya ce ba ita ba ce. Mata da tsofaffi da masu sukari ma sau da yawa ba sa jin ciwon ƙirjin sosai, sai dai wata irin kasala da ta sauko farat ɗaya da gajeren numfashi da amai.

Shi wannan a zaunar da shi ya jingina, kar ya taka da ƙafarsa zuwa bakin titi, kar ya tuƙa babur. Kuma ga inda nake sa kowa ya maimaita bayana har sau uku, don nan ne ake rikicewa. Mai ciwon ƙirji irin wannan, idan yana cikin hankalinsa, ana iya ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna a kan hanya, muddin asfirin ba ya yi masa illa, ba ya aman jini ko baƙin kashi, kuma likita bai taɓa hana shi ba. Amma mai karkacewar baki ba a ba shi asfirin ko ƙwaya ɗaya. Asfirin yana hana jini daskarewa ne, to idan jijiya ce ta fashe a kai ka ƙara wa zubar jinin ƙarfi, kuma ba wanda ke iya gane toshewa ce ko fashewa da ido, sai hoto. A binciken da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana an samu kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shanyewar jiki fashewa ce, wannan ba ƙaramin rabo ba ne da za a yi caca da shi. Ƙirji a tauna, baki a rufe, haka nake faɗa su amsa.

Sai yanzu nake fito da cokalin shayi, don yanzu sun ga abin da ake gudu. In cika shi da gishiri in share kansa da yatsa in ɗaga sama, in ce wannan kusan giram 5 ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kar ya kai wannan a yini guda, daga karin kumallo har tuwon dare, duk abin da ya shiga bakinsa a haɗe. Yara kuma ƙasa da haka. Nan take za ka ji mata sun ɗauki salati. Gishiri idan ya yi yawa yana riƙe ruwa a cikin jini, jinin ya ƙaru, ya riƙa danna bangon jijiya dare da rana shekara da shekaru har bangon ya yi tauri ko ya yi rauni, hawan jinin ke nan, kuma shi ne babban abin da ke haifar da shanyewar jiki a wajenmu.

Wata Hajiya ta taɓa ce min ita ba ta cika gishiri ba, ɗan barbaɗawa take. Na ce Hajiya mu yi lissafin tukunyarki, ku nawa ne a gidan, ta ce goma. Na ce kwatanta min da hannu abin da kike zubawa a miyar rana, ta ɗebo, muka auna ya cika babban cokali biyu, kowane babban cokali kusan giram 15, giram 30 ke nan. Magi fa? Ƙanana shida. Shi dunƙulen magi kusan rabin nauyinsa gishiri ne, ƙaramin mai giram 4 yana ɗauke da wajen giram 2, shida sun ba da 12. Tukunya ɗaya giram 42, a raba wa mutum goma, kowa ya tashi da giram 4 da ɗoriya tun da rana. Miyar dare ma haka, an wuce giram 8. Ba a sa burodin safe ba, ba a sa yajin da ake barbaɗa wa shinkafa da wake ba wanda shi ma gishiri da magi aka daka a ciki, ba a sa tsire ko kilishin da maigida ya tsaya ya ci a hanya ba, kuma manya sun fi yara cin miya, to maigidan nan mai tansiyo ya ninka abin da aka ce ko ya wuce. Hajiya ta yi shiru ta ce to ai ni na ɗauka magi ba gishiri ba ne. Mutane da yawa haka suka ɗauka, har akwai masu cire gishiri su ƙara magi suna ganin sun yi wa mara lafiya gata. Farin magi da na ruwa na kwalba da sardin na gwangwani da ƙullin da ke cikin taliyar leda duk gida ɗaya ne. Kanwa ma haka, sinadarin da ke ta da tansiyo a gishiri yana cikinta, shi ya sa nake roƙon masu tansiyo su bar jiƙa ta suna sha, nake kuma roƙon iyaye mata su sassauta wa mai jego kunun kanwa, musamman wadda ƙafafunta suka kumbura ko take haki idan ta kwanta, ita wannan asibiti ya kamata a kai ta.

Ba na cewa a daina gishiri gaba ɗaya, wanda ya ce haka ba a gidan mutane yake cin abinci ba, kwana uku za a yi a koma gidan jiya. Abin da muka yi da Hajiya shi ne a hankali. Ta daina ɗiba da hannu ta koma cokali don ta san abin da take zubawa. Sati biyun farko babban cokali ɗaya da rabi da magi huɗu, sati biyu na gaba cokali ɗaya da magi uku, wato tukunyar ta sauko daga 42 zuwa 21, rabi cif. Harshe yana sabawa cikin ƴan makonni, har ta ce min yanzu idan ta ci abincin biki sai ta ji ya yi mata zartsi. Gurbin ɗanɗanon kuma daddawa ta cike shi, da albasa da aka soya ta yi ja, tafarnuwa, citta, masoro, ɗan busasshen kifi da aka jiƙa aka wanke, da tsamiya ko lemun tsami a inda ya dace. Kuma tukunya ɗaya za a rage wa kowa, kar a ware wa mai tansiyo tasa miyar salam a ɗan kwano, ba zai jure ba, zai bi dare ya nemi yaji. Gishirin da za a saya dai a nemi mai aidin, don maganin maƙoƙo, raguwa aka ce ba canji zuwa wanda ba shi da shi ba.

Ƙarshen zama awo ne, kuma ba na bari a watse ba a yi shi ba. Hawan jini ba ya ciwo, mutum yana iya yawo da tansiyo 18 yana ciniki yana dariya, masu jiran ciwon kai ko jiri kafin su auna suna jiran abin da sau da yawa ba ya zuwa. Mutum ya zauna minti biyar ya huta, bayansa a jingine, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana. Na'urar tana nuna 140 da 90, shi ne wanda muka saba ji ana cewa 14 da 9, daga nan zuwa sama idan aka sake aunawa a wata rana daban aka same shi haka to hawan jini ne, a je gidan likita a fara bibiya. Wanda na samu da 18 da 12 ko fiye ina sake aunawa bayan ya huta, idan yana nan to ranar zai ga likita, idan kuma akwai ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi ko nauyin ƙirji ko haki a tare da shi, yanzu-yanzu za a tafi. Mai ciki kuwa ko wadda ta haihu kwanan nan ba a jiran 18, 14 da 9 ma magana ce, idan ya haɗu da ciwon kai da kumburin fuska a kai ta nan take.

Waɗanda aka riga aka rubuta wa magani kuma ina zama da su gefe ɗaya bayan an tashi. Maganin tansiyo irin su amlodifin ba kamar na zazzaɓin sauro ba ne da ake sha kwana uku a gama, riƙe tansiyon yake, ranar da ka ajiye shi kwana kaɗan ya koma inda yake, kuma jin garau ɗin da kake yi aikin maganin ne. Idan kuɗi ne matsala a gaya wa likita a fili ya rubuta wanda aljihu zai iya ɗauka duk wata, idan ƙafa ce take kumbura ko wani abu ya dame ka a koma a canza, kar a yanke shi a gida. A kuma yi hattara da ƙwayoyin ciwon jiki da ake saya a tire irin su diklofenak da ibuprofen, shan su kullum yana ɗaga tansiyo yana taɓa ƙoda. Na ƙarshe da nake yi kafin in naɗe na'urata, in sa kowane gida su faɗi sunan mai mato ko adaidaita ɗaya a unguwar da za a iya bugawa ƙarfe biyun dare, a sa lambarsa a wayar uwargida da ta babban yaro a gabana, sannan in rubuta wa kowa awonsa da kwanan wata a ƴar takarda ya tafi da ita gidan likita.